Kek ɗina yana faɗawa a tsakiya, alhali bidiyo nake bi tiryan-tiryan

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, kuma ina son in fara yin kek na sayarwa a cikin gida. Wata ƙawata ta turo mini bidiyo ta WhatsApp na wata Ba'amurkiya, tsawonsa minti huɗu, kuma ga abin da aka rubuta a fuskarsa: "2 sticks butter, 2 cups sugar, 3 cups flour, 4 eggs, 1 cup milk, 1 tbsp baking powder, 350°F, 30 min". Da gwangwanin madara nake auna fulawa da sukari da madara, in juye ledar bota guda mai giram 250, in cika cokalin cin abinci da bekin foda, in zuba kwaɓin duka a gwangwani ɗaya mai zurfi, in gasa a tukunya da yashi a kan gas. Ina kallo ina yi, wayar na jingine a gabana. Amma kullum sai ya tashi da kyau sannan ya faɗa a tsakiya, ƙasan ya ƙone, ga ɗan ɗaci. Maigida ya fara maganar asarar kaya, ni kuma na fara jin kunya. Ina nake kuskure, kuma yaya ake fitar da tsarin girki daga bidiyo har ya yi daidai?

Wata uwargida, daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abu na farko da zan roƙe ki shi ne ki fitar da wayar nan daga kicin, domin aikin da ya rage miki ba na gaban murhu ba ne tukuna, aiki ne na zama da biro da takarda a lokacin da hannunki yake a bushe kuma hankalinki yake kwance. Kek irin wannan yana cin wajen awa guda daga lokacin da aka fara buga bota zuwa lokacin da aka sauke shi, amma an nuna miki shi cikin minti huɗu, wato kusan dukkan aikin an yanke shi an zubar, abin da aka bari kawai shi ne wuraren da suka yi kyau a ido. Wadda ke bin bidiyo tana girki a lokaci guda, gudun bidiyon take bi, sai ta buga bota na daƙiƙa ashirin saboda daƙiƙa ashirin ta gani. Saboda haka bidiyon shaida ne da za ki yi wa tambayoyi har ki fitar da tsarin da kanki, kuma takardar da kika rubuta ita ce za ta shiga kicin tare da ke.

Kafin komai, ki nemi asalin bidiyon. Wanda aka turo ta WhatsApp ya rabu da bayanin da mai shi ta rubuta a ƙarƙashinsa, kuma sau da yawa a cikin wannan bayanin ne ake samun cikakken awo, da girman gwangwanin gashi, da gyaran kuskuren da ta yi a baki. Ki duba kusurwar hoton ko akwai sunan tasharta, ki rubuta shi a YouTube tare da sunan kek ɗin. Idan kin same shi, ki buɗe bayanin da ke ƙasa ki karanta duka, kuma a can ƙarshensa akan sami wurin da aka rubuta "Show transcript", wanda zai jero miki maganarta a rubuce tare da mintin da ta faɗi kowace jimla. Wannan yana da amfani sosai ga wanda Turancin Amurkawa yake yi wa sauri, sai dai kada ki ɗauki awo daga nan kaɗai, domin na'ura ce take rubuta shi daga sauti, kuma takan rikita lambobi da sunayen cokula. Haka nan akwai "Playback speed" a cikin alamar saiti, inda za ki zaɓi 0.5x domin bidiyon ya yi tafiya da rabin gudunsa. Idan ba ki sami asalin ba, ba laifi, wanda ke wayarki ma zai yi, sai dai ki yawaita tsayar da shi kina ɗaukar hoton fuskar wayar.

Kallon farko ki yi shi ba tare da biro ba, daga farko har ƙarshe, don kawai ki gane ina aka dosa da kayan aikin da take da su waɗanda ke ba ki da su. A kallo na biyu ne za ki tsaga shafin littafi gida huɗu: gidan minti da daƙiƙa, gidan abin da aka yi, gidan awo, da gidan alamar da ke nuna cewa matakin ya kammala. Duk abin da ba ki gani ba ko ba ki ji ba, kada ki cike gurbinsa da zato, ki sa alamar tambaya ki wuce. Waɗannan alamomin tambaya su ne mafi daraja a shafin, domin a cikinsu kek ɗinki yake faɗawa.

Bari mu fara da gidan awo, tunda a nan ne babbar ɓarnar take. Kalmar "cup" a bakin Ba'amurke ba kowane kofi take nufi ba, ma'auni ne tsayayye mai ɗaukar kusan mililita 240. Ƙaramin gwangwanin madarar ruwa da muke awo da shi a gidajenmu yana ɗaukar wajen mililita 160 ne, wato kashi biyu cikin uku na wancan kofin. Da a ce komai da komai da gwangwanin ake aunawa, da babu matsala, da kek ɗin ya fito ƙarami amma daidai. Matsalar ita ce abubuwa uku ne suka bi ta gwangwani, wato fulawa da sukari da madara, sauran ukun kuma, bota da ƙwai da bekin foda, sun shiga da cikakken awonsu ko ma fiye. Kofi uku na fulawa kusan giram 360 ne, amma gwangwani uku bai wuce giram 240 ba. Sandar bota guda a Amurka giram 113 ce, biyu kuma 226, ke kuwa kin zuba 250. Fulawa ita ce ke riƙe jikin kek ya tsaya, mai kuma laushi yake sawa, don haka kwaɓin da aka rage masa sulusin fulawa aka ƙara masa mai ba shi da ƙarfin da zai riƙe tashin da ya yi.

Sai maganar bekin foda, wadda ita ce ta kawo ɗacin, kuma ita ce ta sa yake tashi da sauri har ki yi murna kafin ya faɗa. A rubuce, "tsp" ƙaramin cokalin awo ne mai mililita 5, "tbsp" kuma babba ne mai mililita 15, wato ƙananan uku ke nan, kuma a shafe ake nufi, a cika a bi bakin cokalin da bayan wuƙa a share tozon. Ƙa'idar da masu gashi suke bi ita ce kusan ƙaramin cokali ɗaya na bekin foda ga kowane kofin fulawa, kuma kin ga awon bidiyon ya dace da wannan: kofi uku, ƙananan cokula uku. Fulawarki kuwa kofi biyu ce a haƙiƙa, cokula biyu ƙanana suke isarta, amma cokalin cin abinci da aka cika ya yi tozo yana iya kai huɗu ko biyar. Idan bekin foda ya yi yawa, iskar da yake saki takan yi manyan kumfa tun kafin zafi ya dafa kwaɓin ya ƙarfafa, sai kumfan su haɗe su fashe, tsakiyar ta rufta. Ki riƙe wannan ƙa'ida ta cokali ɗaya ga kofi ɗaya, domin da ita za ki raba gardama a duk bidiyon da mai magana ta faɗi abu ɗaya da baki, rubutun fuska ya nuna wani daban. Ki kuma lura da kyau ko "baking powder" aka rubuta ko "baking soda", domin soda ta fi foda ƙarfi har kusan sau uku, tana kuma buƙatar abu mai tsami kamar nono a cikin kwaɓin, in ba haka ba kek ɗin zai yi ɗanɗanon sabulu.

Maganin wannan duka shi ne ki mayar da kowane awo zuwa giram da mililita a takardarki, sau ɗaya, kin huta. Fulawa giram 360, sukari giram 400, bota giram 226, madara mililita 240, ƙwai huɗu manya waɗanda kowanne ruwansa ya kai kusan giram 50, bekin foda mililita 15. Tunda sana'a kike nufi, ƙaramin sikelin kicin mai batir shi ne abin da ya kamata ki fara saya, tun kafin injin bugawa, kuma ba na jin wannan shawara ce da za a iya kauce mata, domin mai saye yana son kek ɗin wannan makon ya zama irin na makon jiya. Kafin ki samu, akwai ma'aunai a cikin gidanki. Kwalbar shayar da jarirai tana da lambobin mililita a jikinta, sai ki auna ruwa 240 da ita, ki juye a wani kofi, ki yi alama a inda ruwan ya tsaya, wannan kofin ya zama na awonki. Murfin awo da ke zuwa da maganin ruwa na yara yana da layin 5 da 10, shi kuma ya ishe ki awon bekin foda bayan kin wanke shi kin busar.

Akwai wani abu game da fulawa da ba a faɗa da baki, sai dai ido ya kama shi. Ki rage gudun bidiyon ki kalli yadda take cika kofin. Idan da cokali take ɗiba tana zubawa a kofin a hankali sannan ta share bakin, kofinta yana wajen giram 120. Idan kuwa kofin take tsomawa cikin buhu ta ɗebo, fulawar ta danne, yana iya kai giram 140 ko fiye, kuma a kofi uku bambancin ya kai rabin kofi. Ki tsayar da hoton a kan jakar fulawar ma idan ta bayyana. Idan an rubuta "self-rising", tana da bekin foda da gishiri a cikinta tun daga kamfani. Idan "cake flour" ce, ta fi tamu laushi, kuma za ki kusanto ta idan kika cire manyan cokula biyu daga kowane kofin fulawarki kika maye gurbinsu da farin sitacin masara, kika tankaɗe su tare sau biyu.

Yanzu kuma kallo na uku, wanda na fi ba wa muhimmanci, shi ne wanda za ki kashe sautin gaba ɗaya ki zuba wa hannayenta da kwanonta ido. Idan babu magana da kiɗa, idonki zai fara ganin wuraren da aka yanka. Za ki ga bota da sukari suna rawaya sosai, masu tsakuwa-tsakuwa, sai nan take a hoton da ya biyo baya sun koma fari-fari, sun kumbura, sun manne a gefen kwano. Tsakanin waɗannan hotuna biyu akwai minti uku zuwa biyar na bugu da inji, ko kwata na awa ko fiye da haka idan da muciya ne da ƙarfin hannu. A nan ne za ki tsayar da bidiyon ki ɗauki hoto biyu, na kafin yankan da na bayansa, sannan ki rubuta a gidan alama abin da idonki ya gani: launi ya koma kamar na man shanu mai haske, yawansa ya ƙaru a kwano, idan aka ɗaga muciya yana tsayawa a jikinta da taushi. Bugun nan shi ne yake cusa ƙananan kumfan iska cikin bota, su ne kuma bekin foda yake hurawa a wuta, don haka idan an gajarta shi kek yakan fito da nauyi, da wani danƙararren layi a ƙasansa. Sauran alamomin yanka su ne canjin kwano, canjin hasken ɗaki, ƙwai huɗu a faranti su koma ɓawo ba ki ga an fasa ba, ko hannu ya riƙa gudu fiye da na ɗan Adam. Kowane ɗaya daga cikinsu ki tambayi kanki me ya faru a ɓoye, kuma tsawon wane lokaci.

A wannan kallon ne kuma za ki ƙirga kayan da aka jera a tebur a farko, ki bi kowanne har ki ga inda ya shiga. Sau da yawa akwai ɗan ƙaramin kwano na gishiri ko kwalbar ƙamshi da ba a rubuta a fuska ba amma hannu ya zuba su. Kek irin naki yakan ɗauki wajen rabin ƙaramin cokali na gishiri, sai dai abin da ake sayar mana a leda da sunan bota galibi man girki ne na tsirrai mai gishiri a cikinsa, don haka ke sai ki rage ko ki bar shi. Ki kuma kalli yanayin botar tata a lokacin da ta juye ta. Idan ta ce a bar ta ta yi ɗumin ɗaki, ɗakinsu take nufi, mai sanyin kusan digiri 20, ba kicin ɗin Zariya a watan Afrilu ba, inda bota take narkewa ta zama mai kafin a gama fasa ƙwai. Narkakkiyar bota ba ta riƙe iska ko an kwana ana bugu. Alamar da za ki rubuta ita ce: yatsa yana shiga da ɗan dannawa ya bar gurbi, amma ba ta sheƙi ba ta malala. Da bazara ki sa ta a firji ko cikin ruwan randa kafin aiki, ki kuma yi kwaɓin da sassafe. Da hunturu kuwa sai kin fito da ita da wuri ta saki.

Ina kusan tabbata cewa idan kika kalli ƙarshen bidiyon da kyau za ki ga ba gwangwani ɗaya ta cika ba. Kwaɓi mai wannan yawa ana raba shi ne a faffaɗan gwangwani biyu ko uku masu faɗin inci 9, wato santimita 23, kowanne a cika shi rabi ko ɗan fiye, kuma minti 30 da aka rubuta na wannan kaurin ne. Idan ba ta faɗi girman ba, ki gwada faɗinsa da tafin hannunta a hoton, ki kuma duba inda kwaɓin ya tsaya a jikin gwangwanin. Idan aka tara shi duka a wuri ɗaya mai zurfi, zafi yakan daɗe bai kai tsakiya ba, sai gefe da ƙasa su gasu har su ƙone alhali cikin yana ɗanye, kuma da an sauke shi ya sha iska sai ɗanyen wurin ya zauna. Wannan shi ne dalili na uku na faɗawar, bayan ƙarancin fulawa da yawan bekin foda.

Game da wuta, lambar 350 a ma'aunin Faranhait take, wanda Amurkawa suke amfani da shi, kuma ga yadda ake mayar da ita ma'aunin Salsiyas da ke jikin yawancin obin ɗinmu:

```
C = (F - 32) × 5 ÷ 9
(350 - 32) × 5 ÷ 9 = 177
```

Wato kusan digiri 180, matsakaicin zafi. Tukunya da yashi ba ta da lamba, kuma zafinta daga ƙasa kaɗai yake zuwa, don haka wannan matakin ba za ki kwafe shi daga bidiyo ba, sai dai ki fassara shi zuwa kayan aikinki. Ki ɗora tukunyar a rufe ta yi zafi na minti goma zuwa sha biyar kafin kek ya shiga, ki sa wani ƙarfe ko ƙananan gwangwanaye a kan yashin domin gwangwanin kek ya ɗaga kada ya zauna a kan zafin kai tsaye, ki kuma bar tazara tsakaninsa da bangon tukunyar. Tsofaffin masu gashi suna da gwajin da zai taimake ki: a barbaɗa fulawa kaɗan a faranti a sa a ciki a rufe, idan ta yi launin zinariya cikin kusan minti biyar zafin matsakaici ne, idan ta yi duhu kafin nan wutar ta yi yawa. Da zarar kin gano tsayin harshen wutar da ya ba ki haka, ki yi alama a jikin makunnin gas ɗin. Kada ki buɗe murfin a cikin minti ashirin na farko, kuma a gidan alama ki rubuta abubuwa uku da ke nuna cewa kek ya gasu: gefen kek ya ɗan janye daga jikin gwangwani, samansa yana dawowa idan an danna shi da yatsa, tsinken da aka soka a tsakiya ya fito babu jiƙaƙƙen kwaɓi. Waɗannan su za ki bi, minti 30 ɗin kuma ya zama lokacin da za ki fara dubawa kawai.

Bayan kin cike gidajen nan, sai ki sake rubuta tsarin a sabon shafi, kuma kada ki bi jerin bidiyon, ki bi jerin aiki. Masu bidiyo sukan ambaci dumama obin da shafa wa gwangwani mai a can ƙarshe, bayan kwaɓi ya haɗu, alhali bekin foda yana fara aiki tun da ya haɗu da ruwa, kuma kwaɓin da ya zauna yana jiran tukunya ta yi zafi yana asarar iskarsa. A takardarki matakan farko su zama fito da bota da ƙwai, auna komai a ajiye a kwanuka, shafa mai da barbaɗa fulawa a gwangwani, tankaɗe fulawa tare da bekin foda. Kowane mataki ya ɗauki aiki ɗaya, da awonsa a cikinsa, da alamarsa a ƙarshe. Misali, a maimakon ki rubuta "a sa ƙwai", sai ki rubuta cewa a fasa ƙwai ɗaya a cikin botar da aka buga, a buga har ruwansa ya ɓace kwaɓin ya koma sumul, sannan a sa na gaba, kuma idan kwaɓin ya fara tsinkewa kamar nonon da ya kece a zuba cokali ɗaya na fulawar da aka auna. A maimakon "a haɗa fulawa da madara", sai ki rubuta cewa a raba fulawa kashi uku madara kashi biyu, a fara da fulawa a ƙare da fulawa, a juya a hankali daga ƙasa zuwa sama, a tsaya da zarar farin gari ya ɓace. Wannan tsayawar tana da muhimmanci a wurinmu musamman, domin fulawar buhu da ake auna mana a kasuwa yawanci mai ƙarfi ce irin ta burodi, idan aka cika juya ta sai ta yi danƙo, kek ya fito da tauri da dogayen ramuka a ciki. Wurin da za ki kunna wutar tukunya ki sa shi daidai lokacin da za ki fara sa ƙwai, domin su gama tare.

Alamomin tambayar da suka rage, ki nemi amsarsu a wasu bidiyo biyu na irin wannan kek ɗin, waɗanda suka fi tsawo kuma aka faɗi awo da giram. Inda ukun suka yi daidai, shi ne ainihin tsarin. Inda suka saɓa kaɗan, zaɓi ne na mai yi. Idan kuwa ɗaya ya yi hannun riga da sauran nesa ba kusa ba, ki yi hattara da shi, domin akwai masu ɗora bidiyo don neman 'yan kallo kawai, waɗanda kek ɗin da suke yankawa a ƙarshe ba daga kwaɓin da suka nuna ya fito ba. Naki dai awonsa sananne ne kuma mai kyau, kofi ɗaya na bota, biyu na sukari, uku na fulawa, ƙwai huɗu, tsohon tsari ne da aka daɗe ana yi a Amurka, saboda haka ba sai kin watsar da shi ba.

Maganar maigida kuwa, ina ganin yana da gaskiya a kan asarar, ke ma kina da gaskiya a kan son sana'ar, kuma abin da zai sasanta ku shi ne gwajin da ba ya cin kaya. Wannan awon yana rabuwa huɗu cikin sauƙi saboda ƙwai huɗu ne. Ki ɗauki ƙwai ɗaya, bota giram 57, sukari giram 100, fulawa giram 90, madara mililita 60, da bekin foda kashi uku cikin huɗu na ƙaramin cokali, wato ɗan ƙasa da mililita 4. Ki gasa shi a ƙananan gwangwanaye huɗu ko biyar, ki fara dubawa daga minti goma sha takwas. Ki nuna masa takardar, ki gaya masa cewa daga yanzu kowane gwaji ƙwai ɗaya ne, kuma ba za ki sake haɗa babban kwaɓi ba sai ƙaramin ya fito daidai sau biyu a jere. Kafin gwajin ki tabbatar bekin fodarki tana da rai, ta hanyar zuba rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi: idan ya yi kumfa nan take tana aiki, idan ya yi shiru ta sha iska, abin da yakan faru da damina idan ba a rufe gwangwaninta da kyau ba.

Kowane gwaji ki yanka shi biyu bayan ya huce ki karanta cikinsa, ki rubuta abin da kika gani a bayan takardar tare da abin da kika yi a ranar. Idan ƙasa ta yi baƙi sama tana fari, wuta ce ta yi yawa ko gwangwanin ya kusanci yashi. Idan sama ta tsage ta yi tudu, zafi ne ya dafa bayan kafin ciki ya gama tashi. Idan akwai danƙararren layi mai maiƙo a ƙasa, ki koma kan bugun bota ko narkewarta. Idan har yanzu yana faɗawa alhali awo ya daidaita, ko an buɗe murfi da wuri ne, ko an sauke shi tsakiyar ba ta nuna ba. Kuma ki canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, domin idan kika rage wuta kika ƙara fulawa kika sauya gwangwani a rana ɗaya, ko ya yi kyau ba za ki san wanne ne ya gyara ba. Idan kin koma babban kwaɓi kuma tukunyarki gwangwani ɗaya take ɗauka, ki haɗa rabin awon, ƙwai biyu, ki gasa, sannan ki haɗa sauran rabin, ya fi a bar kwaɓi yana jira rabin awa a gefe. Idan kin yi gwajin ƙwai ɗayan nan, ki sake rubuto mini yadda cikinsa ya fito da mintin da ya ɗauka a tukunyarki, mu duba tare. Allah ya sa albarka a sana'ar.